Jimla ɗaya sau 24 a rubutu ɗaya: yaya zan gyara shi ba tare da ya ɓace a injin bincike ba?

Malama Rahinatu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin rubutu da gyaransa. Ina da matsala da nake neman shawararku a kanta, kuma zan kawo ta dalla-dalla domin a ba ni amsar da zan iya aiki da ita. An kawo mini wani rubutu mai kalmomi 800 in gyara, a kan dalilan da ke sa cajin waya ya riƙa ƙarewa da wuri. Mai shafin ya haɗo da sharaɗi cewa jimlar da yake ganin mutane sun fi rubutawa a injin bincike, wato "batirin waya na saurin ƙarewa", dole ta fito sau 24, domin an gaya masa cewa fitowa 3 a kowace kalma 100, wato kashi 3 cikin 100, shi ne ma'aunin da ke kai shafi sama. Marubucin ya cika sharaɗin, ga kuwa yadda sakin layi na farko ya fito:

"Idan batirin waya na saurin ƙarewa, to akwai dalilan da ke sa batirin waya na saurin ƙarewa. Mutane da yawa suna tambaya me ya sa batirin waya na saurin ƙarewa. A wannan rubutu za mu duba matsalar batirin waya na saurin ƙarewa da kuma maganin batirin waya na saurin ƙarewa."

Na ƙirga kalmomin wannan sakin layi na samu 50 ne, 25 daga cikinsu jimlar nan ce ake ta nanatawa, kuma har aka gama ba a faɗa wa mai karatu dalili ko ɗaya ba. Hannuna yana ƙaiƙayin in share, amma ina tsoron in share shafin ya daina fitowa a bincike, laifin ya dawo kaina. Sau nawa ya kamata in bar ta, kuma a waɗanne wurare?

Nura:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ganina kashi 3 ya yi yawa, amma ma'aunin kansa gaskiya ne. Manhajar da nake duba rubutu da ita kafin in wallafa tana kunna mini koren haske idan jimlar ta fito daidai gwargwado, tana kuma kunna ja idan ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Ni ina tsayawa a kan kashi 1 zuwa 1.5, wanda a rubutunki zai zama sau 8 zuwa 12. Ki rage zuwa 10, sannan ki zuba sauran a wurin da ake kira `meta keywords`, tunda can mai karatu ba ya gani, injin bincike ne kaɗai ke karantawa.

Malam Isuhu:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama Rahinatu, sannu da ƙoƙari. Nura ya yi gaskiya da ya ce a rage, amma akwai abubuwa biyu a maganarsa da nake so in gyara kafin mu shiga aikin kansa.

Na farko shi ne `meta keywords`. Tun a shekarar 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya amfani da wannan wuri wajen jera shafuka a sakamakon bincike, kuma dalilin da ya bayar shi ne mutane sun lalata shi da cusa kalmomi. Saboda haka duk abin da aka zuba a can ba zai ɗaga shafi ba.

Na biyu shi ne kason nan. Google bai taɓa fitar da wani kaso ya ce shi ne daidai ba, kuma ma'aikatansa da ke magana da masu shafuka sun sha faɗin cewa babu shi. Koren hasken da manhaja ke kunnawa ƙa'ida ce da masu manhajar suka sa wa kansu domin su tunatar da marubuci kada ya manta da batunsa, injin bincike ba ya ganin wannan haske. Kuma a lura da yadda lissafin ke ɓoye girman ɓarnar: jimlar nan kalmomi 5 ce, idan ta fito sau 24 ta cinye kalmomi 120 ke nan daga cikin 800, wato kashi 15 na rubutun. Mai shafin yana zaton ya nemi kashi 3 ne, mai karatu kuwa kashi 15 yake haɗiya.

Bari in nuna abin da ya sa nanatawar ba ta biyan kuɗin sabulu ko da a wajen na'ura. Akwai wata tsohuwar dabarar auna dacewar rubutu da tambaya mai suna BM25, wadda ta fito tun shekarun 1990, kuma har yanzu manhajojin bincike da yawa da ita suke aiki. Ba ita ce lissafin Google ba, domin nasa ya fi haka sassa kuma bai bayyana shi ba, amma tana nuna tunanin da wannan fanni ya ginu a kai. Idan rubutu matsakaici ne a tsawo, ɓangaren da ya shafi yawan fitowar kalma, da adadin da aka saba sawa, kamar haka yake, inda `n` ke nufin sau nawa kalmar ta fito:

```
maki = n * 2.2 / (n + 1.2)
```

Idan kalmar ta fito sau 1, makin 1 ne. Idan ta fito sau 3, ya kai wajen 1.6. Idan ta fito sau 10, bai cika 2 ba. Idan ta fito sau 24, wajen 2.1 ne, kuma ko sau dubu aka rubuta ta ba zai wuce 2.2 ba. Fitowar farko da ta biyu da ta uku su ne ke da nauyi, abin da ya biyo baya kuwa kusan ɗiban ruwa ne da kwando. Tun kafin a zo maganar hukunci, wanda ya tashi daga sau 10 zuwa sau 24 bai samu komai ba face rubutun da ya yi wa mai karatu nauyi.

Hukuncin ma yana nan. A cikin dokokin Google na hana shafukan banza an ambaci cusa kalmomi da sunansa, kuma daga misalan da suka bayar akwai nanata kalma ko jimla har magana ta fita daga yadda mutane ke yin ta. Sakin layin da Malama ta kawo irin wannan ne sak.

Malam Bala:

Malam Isuhu, Allah ya ƙara sani. To idan matsalar kaso ce, ai akwai hanya mai sauƙi da za ta faranta wa kowa. A bar jimlar sau 24 yadda mai shafin yake so, a ƙara tsawon rubutun ya kai kalmomi 2,400, sai kason ya sauko zuwa 1. Ni haka na yi a wani shafi nawa, kuma na ji ana cewa dogon rubutu ya fi hawa sama.

Malam Isuhu:

Malam Bala, wannan zai gyara lissafi ne ya bar cutar. Sakin layin farko zai ci gaba da zama yadda yake, sai dai yanzu mai karatu zai ratsa kalmomi 1,600 na ƙari kafin ya samu abin da ya zo nema. Google ya faɗa a shawarwarinsa ga masu shafuka cewa ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so. Dogayen rubuce-rubuce sukan hau sama idan tsawonsu ya samo asali daga amsa tambayoyi da yawa, to amsoshin ne suka ɗaga su. Idan batun batiri ya ƙare a kalmomi 800, a bar shi a 800. Idan kuma akwai tambayar da ba a amsa ba, a ƙara ta ko da kason zai sauya ta kowace fuska.

Malama Rahinatu:

Na fahimci dalilin, Malam, kuma na gode. Amma idan na zauna gobe da safe da rubutun nan, me zan fara yi? Mai shafin ba zai karɓi "babu kaso" a matsayin amsa ba, sai na nuna masa inda jimlarsa take.

Malam Isuhu:

To ga yadda ni nake yi, kuma zan bi rubutunki a matsayin misali.

Kafin in taɓa kalma ɗaya, ina rubuta jimlar a injin bincike in duba shafukan da ke fitowa a sahun farko, domin in gane abin da mai tambayar yake nema. Wanda ya rubuta "batirin waya na saurin ƙarewa" wayarsa tana hannunsa, cajinta yana zuba, yana son ya san ko akwai abin da zai kashe a yanzu, ko kuwa lokacin sauya batiri ne ya yi. Wannan ita ce tambayar da sakin layin farko zai amsa.

Daga nan sai in ba jimlar wurarenta. Wuri mafi daraja shi ne `title`, wanda galibi daga gare shi ake ɗauko layin da ake dannawa a sakamakon bincike. Zan rubuta shi haka:

```
<title>Batirin waya na saurin ƙarewa? Dalilai 5 da gyaransu</title>
```

Haruffa 52 ne idan aka haɗa da tazara. Masu wannan aiki sukan tsaya ƙasa da haruffa 60, domin abin da ya wuce haka yakan yanke a allo. Jimlar ta zo a farko, kuma akwai alkawarin abin da mutum zai samu idan ya danna. Kada a sa ta sau biyu a nan, domin Google yakan sauya kanun da aka cika da nanatawa ya ɗauko wani daga cikin shafin, sai mai shafi ya rasa ikon zaɓar abin da mutane za su gani.

Wuri na biyu shi ne babban kanun da ke saman rubutun, wato `h1`, wanda ba dole ba ne ya zama daidai da na farko harafi da harafi. Wuri na uku shi ne jimlar farko ta rubutun. Ga yadda zan mayar da sakin layinki:

"Idan batirin waya na saurin ƙarewa, abu na farko da za ka duba shi ne hasken allo, domin allo yana cikin abubuwan da suka fi shan caji. Bayan shi sai manhajojin da ke aiki a ɓoye, da raunin sabis, da zafi. Idan kuwa wayar ta haura shekara biyu, mai yiwuwa batirin ne da kansa ya tsufa, kuma akwai hanyar gane hakan ba tare da an kwance ta ba."

Jimlar ta fito sau ɗaya, kuma ta zauna a inda mutum zai faɗe ta da bakinsa. Abin da ya maye gurbin sauran huɗun shi ne kalmomin batun kansa: allo, caji, manhaja, sabis, zafi, tsufan batiri. Waɗannan su ne ke shaida wa injin bincike cewa shafin ya san abin da yake magana a kai, kuma kowace ɗayansu ƙofa ce da wani mai tambaya daban zai shigo ta ita.

Ƙananan kanun kuma a nan ne marubuta suka fi yin kuskure, domin sukan maimaita babbar jimlar a kan kowanne. Ni ina mayar da su tambayoyin da ke biyo bayan ta farko: me ya sa caji ke zuba da dare alhali ba a taɓa wayar ba, me ya sa take zafi idan ana caji, yaya ake gane batiri ya tsufa. A ƙarƙashin na ƙarshen sai a sa gaskiyar da mai karatu zai riƙe, misali cewa kamfanin Apple ya ce batiran tsofaffin wayoyinsa an yi su ne su riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500. Jimla ɗaya irin wannan ta fi nanatawa goma amfani ga shafin.

Idan kin gama, ki karanta rubutun da ƙarfi. Duk inda kika ji da a baki kike magana da sai ki ce "shi" ko "matsalar" ko "cajin", to ki sa hakan. A ƙarshe za ki tarar jimlar ta fito sau 4 ko 5, ba don an ƙirga ba.

Nura:

Malam, na yarda da maganar `meta keywords`, ban san an daina amfani da shi tun tuni ba. Amma akwai abin da ban gamsu da shi ba. Idan Malama ta rubuta "cajin ba ya daɗewa" a maimakon ainihin jimlar, wa ya tabbatar mana injin zai gane abu ɗaya ake nufi? Ana cewa tun daga sauye-sauyen da ya yi wa tsarin bincikensa, wato Hummingbird a 2013, sannan BERT a 2019, Google ya koma fahimtar ma'ana, amma BERT da Ingilishi aka fara shi kafin a faɗaɗa zuwa wasu harsuna. Harshen da ke da tulin rubutu a intanet ba ɗaya yake da wanda rubutunsa kaɗan ne ba. Ni abin da nake gani a shafina shi ne, tambayoyin da nake fitowa a kansu kusan duk waɗanda na rubuta kalmominsu ne kai tsaye.

Malam Isuhu:

Wannan magana ce mai nauyi, Nura, kuma ban musa ta ba. A harshen da rubutunsa bai yi yawa ba, hikima ce marubuci kada ya dogara ga injin ya haɗa masa ma'anoni. Amma duba abin da maganarka ta haifar. Idan injin yana buƙatar ya ga kalmar kai tsaye, to abin da ake buƙata shi ne kowace siga da mutane ke amfani da ita ta fito sau ɗaya a wurin da ya dace: "caji ba ya daɗewa" a wani sashe, "waya tana shan caji" a wani, "batiri ya mutu" a inda ake maganar tsufa. Wanda ya nanata siga ɗaya sau 24 ya kama mai tambaya iri ɗaya ne, ya saki sauran duka. Saboda haka hujjarka tana goyon bayan a bambanta lafazi.

Nura:

Na ga wannan. Amma har yanzu ina ganin sau 4 a kalmomi 800 ya yi kaɗan, kuma ni a nawa aikin ba zan sauka ƙasa da 8 ba sai na gwada na gani.

Hajiya Talatu:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda ta yi kama da wannan. Ni matsalata haruffa masu lanƙwasa ce. Ina rubuta "ƙarewa" daidai, amma yawancin masu bincike "karewa" suke bugawa domin allon rubutun wayarsu ba shi da ƙ. Wani ya ba ni shawara in riƙa rubuta duka biyun a jere, "ƙarewa ko karewa", a duk inda kalmar ta fito. Na yi haka a rubutu biyu, sai wata mai karatu ta aiko mini cewa ta ɗauka kuskure ne ya cika shafin. Shin wannan ma cusa kalmomi ne?

Malam Isuhu:

Hajiya, ranki ya daɗe, idan an yi shi a duk inda kalmar ta fito, to ɗan'uwansa ne, domin an rubuta wa na'ura an bar mutum yana tuntuɓe. Damuwarki kuwa tana da tushe. A tsarin haruffan kwamfuta ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka ɗora wa alama kamar yadda é take e mai alama, don haka bai kamata a ɗauka cewa kowace manhaja za ta haɗa su ba. Kuma a nan sauya harafin yana sauya ma'ana, tunda karewa daban, ƙarewa daban.

Abin da nake yi shi ne in bar jikin rubutun da daidaitacciyar ƙa'ida, in yi adireshin shafin da haruffa marasa lanƙwasa, wanda dama haka aka saba yin adireshi:

```
/batirin-waya-na-saurin-karewa
```

Sannan ki shiga Search Console, wato kayan aikin Google da ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, ki duba ko shafukanki suna fitowa a kan tambayoyin da aka rubuta da k. Idan suna fitowa, ba ki da abin gyarawa.

Hajiya Talatu:

Na duba yanzu. Wasu shafukan suna fitowa a kan sigar k, wasu kuma ban ga sun fito ba, ko da yake waɗancan dama ba su da masu shiga sosai. Zan cire "ko karewa" daga rubutun biyu in sa ido.

Malam Bala:

To sauran fitowar da aka cire fa, ba za a iya ajiye su a bayanin hotuna ba? Rubutun Malama na san ba zai rasa hotuna huɗu ko biyar ba, kuma wurin `alt` ba ya bayyana a shafi. A sa jimlar sau uku-uku a kowane hoto, mai shafin ya samu adadinsa, mai karatu kuma bai ga komai ba.

Zulai:

Malam Bala, don Allah kada a yi haka. Ni ba na gani, da manhajar karanta allo nake bin wannan muhawarar yanzu haka, kuma abin da aka rubuta a `alt` shi take karanta mini a madadin hoton. Idan hoton yana nuna inda ake rage hasken allo, abin da nake buƙatar ji shi ne "shafin saitin waya, an ja ma'aunin haske zuwa rabi". Idan aka cusa jimlar nan sau uku a kowane hoto, sai na saurare ta sau goma sha biyar da kunnena, kuma in fita ban san abin da ke cikin hoto ko ɗaya ba. Na sha barin shafuka saboda wannan, wasunsu ma rubutunsu mai kyau ne.

Malam Bala:

Wallahi ban san haka abin yake ba, 'yar'uwa. Ki yafe mini, kuma akwai hotuna a shafina da zan koma in gyara.

Malam Isuhu:

Allah ya saka miki da alheri, Zulai, kin faɗi abin da ya fi nawa bayanin. Zan ƙara da cewa Google ma a shawarwarinsa kan hotuna ya yi gargaɗi a kan cika `alt` da kalmomin nema. Idan jimlar ta dace da abin da ke cikin hoto ɗaya, a sa ta a wannan ɗayan.

Malama Rahinatu, saura yadda za ki kare aikinki a gaban mai shafin, domin tsoronki a kan hanya yake. Idan shafin dama yana kan intanet, ki nemi ya buɗe miki Search Console kafin ki sauya komai. Ki shiga `Performance`, ki tace da adireshin wannan shafi kaɗai, ki buɗe `Queries`, wato jerin tambayoyin da shafin ke fitowa a kansu, ki adana alƙaluman watanni uku da suka wuce: `Impressions`, `Clicks` da `Position`, wato sau nawa aka nuna shafin, sau nawa aka danna shi, da matsayinsa a jeri. Suna ajiye bayanan watanni 16, don haka akwai abin kwatantawa. Jerin tambayoyin nan shi ne zai gaya miki sigogin da mutane ke bugawa da gaske, kuma sau da yawa za ki tarar jimlar da mai shafi ya nace a kanta ba ita ce ta fi kawo mutane ba.

Karanta alƙaluman kuma yana da hanya. Idan shafin yana fitowa a sahun farko, ana ganinsa da yawa amma ba a dannawa, to matsalar tana kanun ne da ɗan bayanin da ke ƙarƙashinsa. Wannan bayani, wato `meta description`, ba ya ɗaga shafi da kansa, amma shi ne ke jawo hannu ya danna, don haka a rubuta shi kamar ana gaya wa mutum abin da zai samu, cikin haruffa kusan 150. Idan kuwa shafin yana can matsayi na 15 ko 20, gyaran kanu ba zai wadatar ba, akwai tambayar da shafukan sama suka amsa naki bai amsa ba.

Kada ki yi masa alkawarin matsayi na ɗaya. Gyaran rubutu yana da iyaka: idan shafukan da ke sama sun fi nasa daɗewa, wasu shafuka da yawa suna nuni zuwa gare su, nasa kuma yana jinkirin buɗewa a waya, to kyakkyawan rubutu zai matsar da shi ne kawai. Kuma ki ba abin makonni kafin ki yanke hukunci, ki rubuta ranar da kika yi gyaran, kada kuma a sauya wasu abubuwa a shafin a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi tasiri ba.

Malama Rahinatu:

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan makonni shida, domin waɗanda suka ba ni lokacinsu su san inda aka kwana. Na gyara rubutun yadda Malam Isuhu ya tsara. Jimlar ta sauko daga sau 24 zuwa sau 5, rubutun kuma ya koma kalmomi 760 duk da na ƙara sashe a kan zubar caji da dare, wanda na gano a `Queries` cewa mutane suna tambaya kuma tsohon rubutun bai taɓo shi ba. Bayanin hotunan duka na sake shi bisa maganar Zulai.

A kan ainihin jimlar, shafin yana wajen matsayi na 9 kafin gyara, yanzu yana yawo tsakanin 8 da 9, wato cire fitowa 19 bai jefar da shi ba, bai kuma ɗaga shi sosai ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu yana fitowa a kan tambayoyin caji da dare da na zafin waya, kuma masu dannawa sun ƙaru kaɗan. Mai shafin ya karɓi jikin rubutun, amma ya mayar da jimlar sau biyu a `title` da hannunsa bayan mako uku, don haka alƙaluman rabin lokacin sun gauraya.

Nura:

Madalla, Malama. Amma a lura matsayin bai tashi ba, kuma ba mu san abin da zai faru da an bar ta sau 10 ba. Ƙarin da aka samu daga sabon sashen ya fito, ba daga ragewar ba. Ina da rubutu biyu masu kama da juna a shafina, zan rage ɗaya zuwa sau 4 in bar ɗayan a sau 9, in kawo muku abin da na gani.

Malam Isuhu:

Gaskiya ne, Nura, shafi ɗaya a makonni shida ba ya yanke hukunci, kuma naka biyun ma za su bambanta a ƙarfin shafukan da suke gogayya da su, don haka ka adana matsayin kowanne kafin ka fara. Malama Rahinatu, ki bincika jimlar a wayarki ki duba layin da ke fitowa a sakamakon, ko kanun da mai shafin ya rubuta ne ko kuwa Google ya ɗauko `h1` ya sa a madadinsa. Idan an sauya masa, ki ɗauki hoton allon ki tura masa tare da kanun farko mai haruffa 52.